Gini Bai Kai Rufi Ba, Nawa Ce Ribar Bana?

Mai shagon atamfa yakan sari turmi da safe ya sayar da yamma, kafin magariba ya san abin da ya ci. Ɗan kwangilar gini ba shi da wannan sauƙin. Cinikinsa guda ɗaya yana iya cin shekara biyu ko uku, kuma ba a tsaida shekara don a jira shi. Watan Disamba yana ƙarewa dole ya rufe littafinsa, domin hukumar haraji na jiran lissafi, bankin da ya ba shi rance na son ganin takardu, abokan da suka zuba kuɗi a kamfanin kuma kowa ya miƙo hannu yana tambayar rabonsa. Gini kuwa yana tsaye, an zuba dekin, ba a kai ga rufi ba. To, nawa zai rubuta a matsayin ribar bana?

Wani zai ce a bari kawai sai ranar da aka miƙa makulli. Akwai lokacin da ake yin haka, amma dabarar tana da aibi. Kamfanin da ya yi shekara biyu yana aiki tuƙuru zai fito a takarda kamar bai ci komai ba, sannan a shekara ta uku riba ta faɗo masa gaba ɗaya. Wanda ya janye hannun jarinsa a tsakani an cuce shi, wanda ya shigo daga baya ya ci gumin wani. Idan ɗaya daga cikin masu kamfanin ya rasu ana tsakiyar aiki, magada ma suna bukatar a faɗa musu gaskiyar abin da ke ƙasa. Saboda haka akantoci suka yarda a riƙa ɗaukar wani yanki na riba tun aiki bai ƙare ba. Rigimar tana wajen girman yankin.

Kafin a je ga lissafi, akwai wani ruɗu da ya kai 'yan kwangila da yawa ƙasa, wato ɗaukar kuɗin da ke banki a matsayin riba. Kuɗin kafin alƙalami da ake ba ɗan kwangila don ya kai kayan aiki fili bashi ne a wuyansa, za a riƙa zabtare shi daga biyan da ke tafe. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta Nijeriya ta 2007, lokacin da aka kafa ta, ta ƙayyade shi kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin aikin gwamnatin tarayya. A kwangilar naira miliyan 200, miliyan 30 ke nan a rana ɗaya. Mutumin da ya gan su ya sayi mota ko ya ƙara aure ya ci siminti da rodin mai gini ne, kuma zai gane haka ranar da aiki ya kai rufi babu kuɗin katako.

Littafin kwangila

Kowace kwangila ana buɗe mata shafinta daban, ba a cakuɗa ta da wata. Duk abin da ya shiga wannan fili a nan ake rubuta shi. Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na koyarwa ne, na zaɓe su don su yi sauƙin rabawa.

Kamfani ya karɓi aikin gina ɗakin kwanan ɗalibai mai hawa biyu a kan naira miliyan 200. Ranar da ya sa hannu, ƙiyasinsa shi ne aikin zai ci miliyan 160, ya tsira da miliyan 40. An fara a watan Fabrairu, yanzu ga ƙarshen Disamba.

Littafi ya nuna an kai kaya fili na miliyan 62: siminti, rodi, bulo, yashi, tsakuwa, katako. Amma ba duka ne suka shiga gini ba. Shi ya sa a ranar rufe shekara akanta mai hankali ba ya zama a ofis. Yakan sa takalminsa ya je fili, ya sa mai gadi ya buɗe sito, a ƙirga buhuna layi-layi, a ƙirga rodi bisa kaurinsa, a auna tulin tsakuwa. Yakan ma sa hannu ya latsa buhunan da ke ƙasa, domin wanda damina ta taɓa ya daskare ya zama dutse, ba za a lissafa shi a matsayin kaya ba, asara ce. A ce an samu kaya masu kyau na miliyan 6 da ba a taɓa ba. Waɗannan na baɗi ne, sai a cire su. Abin da ginin ya ci na kaya a bana miliyan 56 ne.

An biya birkiloli da kafintoci da masu ɗaurin rodi da leburori miliyan 22, ana kuma bin kamfanin ladan makon ƙarshe na miliyan 1. Ko da ba a biya ba, an riga an yi aikin, don haka kuɗin ƙwadago miliyan 23 ne. An sayi injin kwaɓa siminti da janareta a kan miliyan 10. Ba za a ɗora wa wannan shekara duka goman ba, tun da injinan na nan kuma za su yi wani aikin. Idan darajarsu a yau miliyan 7 ce, abin da aikin ya cinye a jikinsu miliyan 3 ne. Ƙananan 'yan kwangila da aka ba wayarin da aikin famfo sun yi na miliyan 9. Gadi, ruwan tanka, man dizal da kason aikin daga ɗawainiyar babban ofis sun tashi miliyan 5. Idan aka haɗa, abin da aikin ya ci zuwa yau miliyan 96 ne.

Ɗaya ɓangaren littafin kuma ba ɗan kwangila ke cika shi da bakinsa ba. Mai ƙididdigar gini na ɓangaren mai aiki yakan zo lokaci-lokaci ya auna abin da aka yi, ya kimanta shi da farashin da ke cikin yarjejeniya, mai zanen gini ko injiniya ya sa hannu a takardar shaida, wadda 'yan fili ke kira satifiket. Da ita ake biya. A misalinmu satifiket ɗin da aka bayar zuwa yanzu sun kai miliyan 110. Mai aiki ba ya biyan duka, yakan riƙe wani kaso, yawanci kashi 5 ko 10 cikin ɗari, a matsayin jingina har a gama a ga ko gini zai nuna aibi. A nan an riƙe kashi 10, wato miliyan 11, kuɗin da suka shigo hannu miliyan 99 ne.

Saura abu ɗaya. Mai aunawa ya zo ne a farkon Disamba, bayan tafiyarsa an ci gaba da jera bulo a hawa na biyu. Wannan aikin ya ci miliyan 6 amma babu wanda ya sa masa hannu tukuna. Ana ajiye shi gefe a kan abin da aka kashe masa, ba a ɗora masa riba ko kwabo. Ke nan aikin da aka shaida ya ci miliyan 90, an kimanta shi miliyan 110. Tazarar miliyan 20 ita ce ribar da ta bayyana a takarda.

Tsohuwar ƙa'ida ta taka tsantsan

A nan ne Alhaji mai kamfani zai gyara zama ya ce, “Malam akanta, ashirin ke nan muka ci, a raba.” Akanta kuma ya ce, “Ranka ya daɗe, ashirin ɗin ba ta gama zama tamu ba.” Hujjarsa tana da ƙarfi. Ginin bai kai rufi ba, ba a yi filasta ba, ba a sa tayil ko taga ba, kuma a waɗannan ne kuɗi suka fi zurarewa. Miliyan 11 na hannun mai aiki, ba a san ko za su fito cif ba.

Littattafan lissafin kuɗin aiki da aka gada daga Birtaniya, waɗanda har yau ake koyar da su a manyan makarantunmu, sun kawo wata ƙa'ida ta rage zari. Idan aiki bai kai rubu'i ba, kada a ɗauki riba ko kaɗan, domin ana harsashi ne, ƙasa ba ta gama nuna halinta ba. Daga rubu'i zuwa rabi a ɗauki sulusin ribar da ta bayyana. Idan ya wuce rabi a ɗauki sulusi biyu. Sannan kowanne a ƙara rage shi gwargwadon kuɗin da suka shigo hannu idan aka gwada da abin da aka shaida. Littattafan sukan ɗan saɓa a kan iyakokin, amma tunanin ɗaya ne.

Aikinmu an shaida miliyan 110 cikin 200, ya wuce rabi. Sulusi biyu na miliyan 20 ya haura miliyan 13 da kaɗan. An biya 99 cikin 110, wato tara cikin goma. Tara cikin goma na wancan adadin ya ba da miliyan 12 daidai. Ita za a kai shafin riba, a bar miliyan 8 a ajiye saboda abin da ka iya tasowa.

Ina ganin ƙimar wannan ƙa'ida ga ƙaramin ɗan kwangila wanda ba shi da ma'aikatan ƙididdiga, domin ko ba komai tana riƙe masa hannu. Amma tana da rauni babba: baya kawai take kallo. Sulusi biyun nan ba daga yanayin wannan ginin aka samo shi ba, adadi ne da aka ɗora wa kowane aiki. Ga kuma wata dabara da ta zama ruwan dare wajen neman kwangila. Ɗan kwangila yakan cika farashin ayyukan farko, irin su haƙa da harsashi da dekin, ya sassauta na ƙarshe, don kuɗi su shigo masa da wuri. Jimillar ba ta sauya ba, amma satifiket ɗin farko za su nuna riba mai ƙiba wadda a gaskiya aro ce daga ayyukan ƙarshe. Wanda ya ɗauki sulusi biyun irin wannan ribar ya ɗauki sulusi biyun abin da babu shi.

Tambayar da ta fi kowace nauyi

Ƙa'idar da manyan kamfanoni ke bi a yau ita ce IFRS 15, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018 ta maye gurbin IAS 11. Nijeriya ta rungumi wannan tsarin ƙa'idoji na duniya tun 2012, aka fara da kamfanonin da ke kasuwar hannun jari. A ƙarƙashinta, ginin da ake yi a filin mai aiki ana ɗaukar cinikinsa sannu a hankali yayin da yake tashi, tun da duk bulon da aka ɗora ya zama na mai fili. Babu maganar sulusi. Abu biyu ake tambaya: nawa aikin gaba ɗaya zai bari na riba idan an gama, kuma kashi nawa aka yi zuwa yau?

Hanyar da aka fi bi wajen auna nisan aiki ita ce a gwada abin da aka kashe da jimillar abin da za a kashe. Idan ƙiyasin farko na miliyan 160 yana nan daram, an kashe 96, aiki ya kai kashi 60 cikin ɗari. Kashi 60 na ribar miliyan 40 shi ne miliyan 24. Lura da cewa wannan ya ninka abin da tsohuwar ƙa'ida ta bayar.

Sai dai wannan amsar ta rataya ne a kan magana ɗaya, cewa miliyan 64 za su isa a gama. Wa ya ce za su isa? An yi ƙiyasin ne kusan shekara guda da ta wuce. Duk wanda ya yi gini a Nijeriya bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni ya san yadda farashin siminti da rodi da kwanon rufi da kuɗin dako suka riƙa sauyawa a cikin makonni. Kayan ƙarshen gini kuwa, wayoyin lantarki da tayil da fenti da ƙarfen taga, da yawansu ko dai daga waje ake shigo da su ko farashinsu na bin dala.

Don haka aikin gaske a ƙarshen shekara shi ne a zauna da mai ƙididdigar gini na kamfani da shugaban fili, a ɗauko jerin ayyukan da suka rage, a sa wa kowanne farashin kasuwar yau. Bandir nawa na kwano ake bukata, nawa ne bandir a wannan makon? Mai wayarin zai tsaya a kan tsohon farashi ko ya riga ya aiko da saƙo? Wata nawa suka rage, tun da kowane wata yana cin albashin mai gadi da dizal ko an ɗora bulo ko ba a ɗora ba? Idan za a makara, akwai tarar jinkiri a yarjejeniya? Akwai ginshiƙin da injiniya ya ce a fasa a sake?

A ce bayan wannan zaman an gano ragowar aikin zai ci miliyan 96 maimakon 64, kuma yarjejeniyar ba ta ba da damar ƙarin kuɗi saboda hauhawar farashi ba. Jimillar kashewa ta koma miliyan 192. Ribar aikin duka ta sauko daga 40 zuwa 8. Nisan aikin ma ya ja baya, domin 96 cikin 192 rabi ne kacal. Rabin miliyan 8 shi ne miliyan 4. Bulon da ke tsaye a fili bai ragu ko ɗaya ba, satifiket ɗin suna nan yadda suke, kuɗin banki bai motsa ba, amma ribar bana ta faɗo daga 24 zuwa 4. A wannan halin tsohuwar ƙa'ida, duk da taka tsantsan ɗinta, da ta sa an raba miliyan 12, wato fiye da ribar da aikin zai bayar daga farkonsa har ƙarshe.

Idan kuwa ragowar zai ci miliyan 114, jimilla ta zama 210, an faɗi da miliyan 10. A nan ƙa'ida ba ta yarda da rabawa ba. Riba ake ɗauka kaɗan-kaɗan, asarar da aka hango ana rubuta ta gaba ɗayanta a shekarar da aka gane ta, kamar yadda IAS 37 ta tanada game da kwangilar da ta zama kaya. Wannan hukuncin yana da ɗaci ga mai kamfani, amma ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Ya riga ya sa hannu, ba shi da hanyar zillewa, asarar ta tabbata a kansa ko da bai fitar da kuɗin ba tukuna, kuma bankin da zai ƙara masa rance a watan Janairu yana da haƙƙin ya sani. Akwai kuma matsayi na tsakiya: idan abubuwa sun rikice har ba a iya ƙiyasta ƙarshen aikin, amma ana sa ran kuɗin da aka kashe za su dawo, sai a rubuta ciniki daidai da abin da aka kashe, ba riba ba faɗuwa.

Inda ake murɗe lissafin

Auna nisan aiki da abin da aka kashe yana da wata baraka da ya kamata kowa ya sani: ɓarna tana iya fitowa da kamannin ci gaba. Idan an zuba dekin ya tsage aka fasa aka sake, kuɗin da aka kashe sun ƙaru, lissafi zai ce aiki ya yi nisa, alhali wuri ɗaya aka yi sau biyu. Ƙa'ida ta ce a fitar da irin wannan kuɗin daga ma'auni, a rubuta shi asara kai tsaye. Haka ma wanda ya cika fili da tirelolin siminti a makon ƙarshe na Disamba ya lissafa su a cikin abin da aka kashe. Shi ya sa ƙirgar da aka yi a sito take da muhimmanci.

Baraka ta biyu ita ce kuɗin da ake fata. Mai aiki ya zo zagaye ya ce da baki a ƙara banɗaki biyu, ko ɗan kwangila ya rubuta takardar neman diyya saboda an jinkirta biyansa. Sai a ƙara waɗannan a kan miliyan 200 kamar an riga an amince. Cinikin biri a sama ke nan. IFRS 15 ba ta yarda a lissafa irin wannan kuɗin ba sai akwai tabbaci mai ƙarfi cewa ba za a dawo a soke shi ba. A aikace, ƙarin aikin da ba a rubuta umarninsa ba, shugaban ma'aikatar da ya faɗa yana iya barin kujera kafin a kai ga biya.

Ba ƙananan kamfanoni kaɗai wannan ke kayarwa ba. Carillion yana cikin manyan kamfanonin gini na Birtaniya, da ma'aikata kusan dubu 43 a faɗin duniya. A watan Yulin 2017 ya sanar cewa zai zabtare fam miliyan 845 daga darajar kwangilolinsa, makonni kaɗan bayan ya raba wa masu hannun jari riba. Cikin ayyukan da suka ja shi ƙasa har da sabon asibitin Royal Liverpool, inda aka gano tsagewa a wasu ginshiƙan kankare. Ranar 15 ga Janairu 2018 kamfanin ya rushe, ya bar dubban ƙananan 'yan kwangila suna bin sa bashi, asibitin kuma bai buɗe ba sai 2022. Kwamitocin majalisar dokokin ƙasar da suka bincika sun zargi shugabanninsa da zarmewa wajen lissafi, hukumar da ke sa ido kan akantoci kuma ta ci tarar KPMG, kamfanin da ya duba littattafansa, kusan fam miliyan 21 a 2023.

Mai hannun jari ko ma'aikacin banki da ba akanta ba zai iya hango matsala idan ya san inda zai duba. Ya gwada kason da takarda ta ce an yi da abin da idonsa ya gani a fili, ya kuma gwada shi da satifiket. A misalinmu kashi 60 na lissafin farko da kashi 55 na mai aunawa ba su yi nisa da juna ba, amma da takarda ta ce 75 mai aunawa ya ce 55, akwai magana. Ya duba ko aikin da ba a shaida ba yana ta kumbura shekara bayan shekara, domin sau da yawa wannan yana nufin mai aiki ya ƙi amincewa da shi ne. Ya tambayi ranar da aka sabunta ƙiyasin ragowar aiki, da wanda ya sa masa hannu. Idan farashin kaya ya tashi sau uku a shekara amma ribar da ake sa rai tana nan a miliyan 40 ba ta gusa ba, ba a yi zaman ba. Ya kuma ji ta bakin dilan siminti da mai wayarin, ko ana biyansu a kan lokaci.

Ko bayan an miƙa makulli littafin bai rufu ba. Yawancin yarjejeniyoyi suna ba da wa'adin gyara, sau da yawa wata shida ko shekara, wanda a cikinsa duk yoyon rufi ko tsagewar filasta ɗan kwangila ne zai dawo ya gyara da kuɗinsa. Galibi akan saki rabin kuɗin da aka riƙe ranar karɓar gini, ragowar sai wa'adin ya cika. Don haka a cikin ƙiyasin abin da ya rage dole a ware kuɗin wannan gyaran tun yanzu. A aikin da ribarsa duka ta koma miliyan 8, kuɗin da mai aiki zai riƙe idan an kammala miliyan 20 ne, kuma rabinsu ba za su fito ba sai gini ya ga damina.